Hoton Yaro a Bakin Kogi: Yadda Za Ki Sa Ruwa Ya Nuna Shi Kamar Gaske

 

Maganar yau ta taso ne daga saƙon wata 'yar'uwa da ke zaune a Zawaciki, can wajen Tashar Tsandauri ta Dala a Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Ɗanta mai shekara 7 ya ga hoton abokinsa a bakin ruwa, sai ya kafe shi ma sai an kai shi Kogin Challawa an ɗauke shi da kayan Sallarsa. Uwar ta ce ba da ita ba, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ya zauna a wannan yanki ya san ruwan da ke fitowa daga kamfanonin fata da sauran masana'antun Challawa da Sharada kogin nan yake gangarawa, kamar yadda na Bompai ke bin Getsi zuwa Jakara. Ga ramukan masu ɗibar yashi da ba a ganin zurfinsu, ga kuma tsargiya da yara ke kwasowa a irin waɗannan ruwaye.

Sai ta yi dabara. Ta ɗauki yaron a tsakar gida, ta yanko shi ta ɗora a kan wani hoton kogin da ta taɓa ɗauka da waya. Tana sakawa a zauren danginsu na WhatsApp, ƙanwar mijinta ta rubuto: “Yaya, yaron nan aljani ne? Bishiya ta fito a ruwa, shi bai fito ba.” Ta koma ta ƙara masa hoto a cikin ruwan, aka ce ai gara na farko. Shi ne ta turo min hotunan, ta ce in duba inda gizo ke saƙar, ta kuma yarda in yi mana darasi da su.

Inuwa biyu ce, ba ɗaya ba

Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita. Muna cewa inuwar bishiya, muna kuma cewa na ga inuwata a ruwa. Amma a aikin hoto abubuwa biyu ne daban, kuma wadda ta haɗa su ta ɓata aiki. Ta farko ita ce inuwar rana: duhu ne kawai, ba launi, kuma tana guje wa rana. In rana na gabas, ta faɗi yamma. Ta biyu ita ce wadda zan kira sura a wannan rubutu: ruwa ne ya zama madubi, yana nuna yaron da launin rigarsa da hularsa, kansa a ƙasa.

Sura ba ruwanta da inda rana take. Kullum wajen mai kallo take zubowa, wato a cikin hoto kai tsaye take sauka ƙasa. Surar hula tana daidai ƙarƙashin hula, surar hannu tana daidai ƙarƙashin hannu, kamar an saki zare mai dutse daga kowane sashe. 'Yar'uwarmu ta karkatar da tata gefen hagu don ta bi inuwar bishiya, kuma wannan na cikin abin da ido ya ƙi karɓa.

Daga nan ne tambayar farko ke fitowa, tun kafin ki taɓa komai: shin ruwan yana tsakaninki da yaron? Idan kin ɗora shi a ƙetare, ruwa na gabansa, to sura ta zama dole. Idan kuwa kin ɗora shi a wannan gaɓar da kika tsaya, kogin na bayansa, babu wata sura da za a gani, domin ƙarƙashinsa ƙasa ce ba ruwa ba. A nan inuwar rana kaɗai yake bukata. Mata da yawa suna wahalar da kansu suna zana surar da bai kamata ta fito ba.

Shirin da ake yi kafin a buɗe manhaja

Rabin aikin a tsakar gida ake gama shi. Ki dubi hoton kogin tukuna: daga ina haske ya zo, kuma a tsaye aka ɗauka ko a tsugune? Idan da hantsi aka ɗauka, rana na dama, to ki tsayar da yaron da hantsi, rana na dama. Idan hoton na lokacin hunturu ne, sama ta yi fari da hazo, ki ɗauke shi a inuwar katanga inda haske ya yi laushi. Wayar kuma ki riƙe ta a tsayin da aka riƙe ta a bakin kogi, ki ja baya kamar taku biyar ko shida. Idan kika tsaya a kansa kika ɗauko shi daga sama, za a ga saman hularsa da saman takalmansa, alhali ruwa daga ƙasa yake kallon mutum. Irin wannan hoton duk yadda kika kifa shi ba zai zauna ba.

Manhaja kuwa, kowace ce in dai tana ba ki damar jera hotuna falle-falle, wannan kan wancan, abin da za ki ga an rubuta Layer. PicsArt da ibisPaint X suna yi, Photopea ma yana yi, shi ba sai kin sauke shi ba, a burauza ake buɗe shi. Sunayen maɓallan sukan ɗan bambanta daga wannan zuwa waccan, amma aikinsu ɗaya ne. Idan kin yanko yaron, ki adana shi a matsayin PNG, domin shi ne ke barin bayansa fayau ba farin fili.

Falle uku za ki yi aiki da su: kogi a ƙasa, sura a tsakiya, yaro a sama.

Kifewa, ba juyawa ba

Ki kwafi fallen yaron, ki danna Flip Vertical a kan kwafin. Kada ki sa yatsu biyu ki juya shi har kansa ya koma ƙasa, kuma kada ki yi amfani da Rotate. Bambancin ƙarami ne a ido amma babba ne a hoto. Yaron nan yana riƙe da jan balan-balan a ɓangaren dama na hoton. Da uwarsa ta juya shi, balan-balan ya koma hagu a cikin ruwa. Da an kife shi, zai zauna a dama, daidai ƙarƙashin na gaske. Ki gwada da madubi a ƙasa ki gani: ƙafarki ta dama tana taka ƙafar da ke ƙarƙashinta ne, ba ta tsallaka.

Ina layin ninki yake?

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a manna tafin ƙafar sura da tafin ƙafar yaro. Wannan daidai ne kawai idan yaron a kan fuskar ruwan yake tsaye. Amma ai a kan gaɓa yake, gaɓa kuma ta fi ruwa tudu.

Ki ɗauka hoton takarda ce za ki ninke. Layin ninkin ba a ƙafar yaro yake ba, a daidai tsayin ruwa yake, can ƙarƙashin inda ya taka. Duk nisan da abu ya yi sama da wannan layi, haka surarsa za ta yi ƙasa da shi.

Bari mu auna da hoton 'yar'uwarmu. Tsayin yaron santimita 120 ne. Da na buɗe hoton a wayata na ɗora rula a kan gilashin, sai ya zama santimita 6 daga hula zuwa takalmi. Ke nan kowace santimita ɗaya a waya tana wakiltar 20 a fili. Gaɓar da aka ɗora shi a kai ta ɗara ruwa da kamar taƙi guda, mu ce santimita 20, wato santimita 1 a waya. Saboda haka layin ninki yana santimita 1 ƙasa da takalminsa. Takalmin sura kuma zai fara ne santimita 1 ƙasa da layin. Kin ga tsakanin takalmi da takalmi akwai santimita 2, ninki biyu na tsayin gaɓa. Hular sura kuwa za ta sauka santimita 7 ƙasa da layin, kamar yadda hular gaske take santimita 7 sama da shi.

In ba ki da rula, ki auna da jikin yaron. Gaɓar ta kai idon sawunsa, ko ta kai gwiwa? Ki ɗauki wannan tsayin ki ninka shi biyu, shi ne ratar da za ki bari. Abu ɗaya kawai: kada ki zuƙo hoton ko ki rage shi a tsakiyar awo, sai lissafin ya rikice.

Sauran abu guda. Uwar ba ta ɗora shi a bakin gaɓar ba, ta ɗan matsar da shi baya, kamar yadda kowace uwa za ta yi ko a hoto ne. A waya, leɓen gaɓar yana santimita ɗaya da rabi ƙasa da takalminsa, ruwa ya fara a biyu da rabi, sannan surar ita kanta gaɓar ta ci har zuwa uku da rabi. Mun ce surar yaro ta fara a 2. Ke nan daga 2 zuwa uku da rabi duk a ɓoye yake, gaɓa da surarta sun tare. Santimita ɗaya da rabi kuwa rubu'in tsayin yaron ne, wato daga takalmi zuwa wajen gwiwa. Sai na ɗauki Eraser na goge wannan sashe, surar ta fara daga gwiwa. Ina gogewa hoton ya zauna, tun ban taɓa launi ba.

Ki riƙe wannan: gwargwadon yadda abu ya ja baya daga bakin ruwa, gwargwadon yadda ƙasan surarsa ke ɓacewa. Shi ya sa idan kin dubi bishiyar da ke nesa da gaɓa, rassanta na sama kawai kike gani a ruwa, ba kya ganin gindin.

Ƙarfin sura: ki tambayi bishiyar da ke cikin hoton

Ruwa ba madubin ɗaki ba ne, ba ya mayar da duk hasken da ya sauka a kansa. Idan kika leƙa bokiti daga sama kai tsaye, kashi 2 cikin 100 kacal na hasken ke dawowa, shi ya sa gindin bokitin kike gani fiye da fuskarki. Amma idan kina tsaye kina hango ruwan da ke nesa da ke da kamar mita 8 ko 9, abin da ke dawowa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. In ya ƙara nisa, ya ƙara zama madubi. Wannan yana gaya mana abu biyu. Abin da aka ɗora can ƙetare surarsa tana da ƙarfi, na kusa da ƙafarki tasa ba ta da ƙarfi. Sannan a cikin sura guda ma, ɓangaren da ya fi kusa da gaɓa ya fi fitowa, kan kuma, da yake shi ya fi matsowa wajenki, ya fi dusashewa.

Launin ruwan ma yana da ta cewa. Da damina Challawa ja take da laka, kuma wannan jan yana haɗuwa da duk abin da ya faɗo a kanta. Farar riga takan koma ruwan ƙasa-ƙasa, baƙin wando kuma yakan yi haske ya koma ruwan kunun kanwa mai duhu. Wato fari ya ragu, baƙi ma ya ragu. Kududdufi mai duhu kuwa, wanda ruwansa ya kwanta, ya fi nuna sura tar, domin babu hasken da ke tasowa daga cikinsa ya yi gasa da ita.

To ba sai kin haddace lissafi ba. A cikin hoton akwai malamar da za ta koya miki: bishiya, ko dutse, ko ciyawar gaɓa da ta riga ta fito a ruwan. Ki dubi yadda surarta ta kai duhu idan aka gwada da ita kanta, da yadda gefenta ya kakkarye. Haka surar yaronki za ta zama, ba fiye ba, ba ƙasa ba. Idan babu abin da ya fito a ruwan ko kaɗan saboda gudu ko laka, to ke ma ɗan alamar launi kawai za ki sa.

A hoton Zawaciki na ja Opacity na fallen sura zuwa 45, na kuma rage Brightness kaɗan don farin kaftanin ya daina ƙyalli. Sannan na ɗauki Eraser mai laushin baki, na faɗaɗa shi, na rage ƙarfinsa zuwa wajen 20, na shafa sau biyu daga ƙirji zuwa hula, sau ɗaya daga ƙugu zuwa ƙirji, na bar wajen gwiwa yadda yake.

Wata gargaɗi a nan. Za ki ji ana cewa a sa fallen a kan Multiply. Yana kyau ga kaya masu duhu, amma Multiply yana haɗiye fari gaba ɗaya. Idan yaronki farar shadda ya sa, za ki ga kai da hannuwa na yawo a ruwa babu jiki. Ga fararen kaya ki bar shi a Normal, ki yi aiki da Opacity kawai.

Kaɗawar ruwa

Yanzu sura ta zauna a wurinta, amma ta yi sumul kamar an liƙa leda. Saura a sa ta motsa tare da ruwan. Mataki uku ne, kuma a jere ake yin su.

Na farko, Motion Blur, a kuma saita shi ya ja daga sama zuwa ƙasa, ba gefe da gefe ba. Dalili shi ne kowace 'yar igiyar ruwa ƙaramin madubi ne da ya ɗan karkata, wani ya kalli sama, wani ya kalli ƙasa, sai su ja surar ta yi tsawo. Ki tuna yadda fitilar mota ke miƙewa doguwa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta bayan ruwan sama, ba ta faɗi take yi ba. Kaɗan za ki sa: idanu da maɓallan riga su narke, amma a iya gane hula da balan-balan.

Na biyu, ki nemi abin tura hoto da yatsa. A wasu manhajojin Liquify ne, a PicsArt kuma Warp ne a ƙarƙashin Stretch. Ki riƙa tura gefen surar hagu, dama, hagu, dama, gajeru-gajeru, kina sauka. Sirrin shi ne girman turin ya riƙa ƙaruwa. Kusa da gaɓa ƙanana ƙwarai kuma a matse, domin ruwan can ya fi nisa da ke. Yayin da kike gangarowa wajen hula, su ƙara faɗi su ƙara rata. Idan kika yi amfani da Wave, ki sani shi girma ɗaya yake yi daga sama har ƙasa, kamar zanen bugun injin, kuma ido yana saurin gane shi. In dole sai da shi, ki sa shi da sauƙi, ki ƙarasa ƙasan da yatsa.

Na uku, ki mayar da Eraser siriri, ki yanka 'yan layuka a kwance a cikin surar. Ba ko'ina ba. Ki zuƙo hoton ki ga inda igiyoyin ruwan na gaske suka yi fari-fari suna nuna sama, ki bi su ki goge surar a daidai nan, don layin da ya taso daga hagun yaron ya ratsa ta cikinsa ya fita ta dama. Wannan ne ke sa a ji surar a cikin ruwan take, ba a kansa ba. A hoton namu layi bakwai na yanka, biyu sirara wajen gwiwa, sauran suna ƙara kauri zuwa ƙasa, har hular ta rabu gida biyu.

Zoben ruwa: sai abin da ya taɓa ruwa

Akwai masu zana zobe-zobe a ƙarƙashin duk abin da suka ɗora. Yaron da ke tsaye a kan gaɓa bai taɓa ruwa ba, don haka ba shi da zobe. Zobe na abin da ya shiga ruwa ne. Ni kuma ba na ba da shawarar a haɗa hoton yaro yana cikin kogi, domin ƙannensa za su gani su ɗauka wurin wasa ne. Amma ga masu sana'a da ke son tallar kaya, bari mu ɗauki ƙwarya mai zane tana shawagi a kududdufi.

Da farko ƙwaryar ta nutse kaɗan, saboda haka ki goge gindinta, kuma layin gogewar ya zama lanƙwasasshe kamar murmushi, ba miƙaƙƙe ba. A nan babu rata, sura tana manne da ita a daidai layin ruwa. Sai dai ki kula: ke kina hango cikin ƙwaryar daga sama, ruwa kuwa bayanta kawai yake gani. Don haka bayan kin kife kwafin, ki goge cikin ƙwaryar daga surar, ki bar bayanta kaɗai. Haka abin yake ga kwano, da faranti, da takalmi. Kwalbar turare ko ta humra da ke tsaye ta fi sauƙi, domin gefenta ɗaya ne ko daga ina aka kalla.

Zoben kuma ba da'ira ba ne a hoto, sai in daga sama kika leƙa. A kwance yake, kamar bakin tukunya idan kin hango ta daga gefe. Ga yadda za ki san iya kwanciyarsa: ki gwada tsayin wayarki daga ruwa da nisan abin. Idan wayar na sama da ruwa da mita ɗaya da rabi, ƙwaryar kuma na nesa da mita 6, ɗaya bisa huɗu ke nan. To faɗin zoben ya ninka tsayinsa sau huɗu. In ta fi nisa, ya ƙara kwanciya har ya kusa zama layi.

Ki buɗe sabon falle ƙarƙashin ƙwaryar, ki zana zobe uku ko huɗu. Kowane zobe layi biyu ne manne da juna, mai haske da mai duhu, kuma duka launukan daga cikin ruwan hoton za ki tsinko su, kada ki sa fari tas ko baƙi ƙirin. Na ciki ya fi fitowa, na waje ya dusashe. Ki yanyanke su da Eraser don kada su cika, ki sa Gaussian Blur kaɗan, sannan ki ɗan lanƙwasa surar a inda zoben ya ratsa ta. A ƙarshe ki ja siririn duhu a inda ƙwarya ta haɗu da ruwa. In babu shi, sai ta yi kamar tana lilo a iska.

Wannan duk na ruwan da ya kwanta ne. A kogi mai gudu zobe ba ya tsayawa. Ruwa yakan ɗan taru a gaban abin, sannan ya rabu biyu ya buɗe ta bayansa, ya bi inda kogin ya nufa. Ki dubi wani dutse ko kara a cikin hoton ki kwaikwayi nasa.

Gwaji kafin ki tura

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya daɗe a kan aiki yakan saba da kuskure. Don haka ki yi gwaji uku. Ki ɗora gefen katin waya a tsaye daga hular yaro zuwa hular sura, ki ga ko suna kan layi ɗaya. Ki kashe juyawar allo ki kifa wayar, kai a ƙasa: idan surar ta fi ta bishiya kyau da tsabta, ta yi yawa, ki rage. Sannan ki tura wa kanki hoton a WhatsApp ki kalle shi ƙarami, yadda dangi za su fara ganinsa, domin a nan ne farin zare da ya rage a gefen yanka yake tona asiri.

Kada kuma murnar sura ta sa ki manta inuwar rana. Ki sa ɗan duhu a ƙarƙashin takalmin, ki ja shi ya bi inda inuwar bishiya ta bi a kan ƙasa.

Na mayar wa 'yar'uwarmu hoton, ta sake yin nata da hannunta har sau biyu kafin ya fito. Ta ce ta zaunar da yaron ta nuna masa yadda aka haɗa, don ya san bai je ba kuma ba za a je ba. Da ta saka a zauren dangi ta rubuta a ƙasa cewa haɗi ne, ƙanwar mijin kuma ita ce ta fara turo hoton 'yarta a yi mata. Masu tallar kaya, ku ma ku yi haka: a canza wurin da kaya ke zaune, amma launinsu da girmansu a bar su yadda mai saye zai karɓa a hannu.

Wadda ta gwada ta maƙale, ta faɗa mana a ƙasa a wane mataki ne, ta kuma ambaci manhajar da take amfani da ita. Ba sai kin saka fuskar yaro a fili ba, hoton ƙwarya ko kwalba ya isa mu gane matsalar. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su.